Dabarar jefa ƙuri'a ta ba ni adireshin da ya fito sau 11 kacal a fayil: ina kuskuren yake?

Aminu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da fayil na bayanan masu shiga wani shafi da nake kula da shi, kowane layi yana ɗauke da adireshin IP guda ɗaya, kuma layukan sun kai 38,412,906. Abin da nake son sani shi ne ko akwai adireshi ɗaya da shi kaɗai ya aiko da fiye da rabin buƙatun, domin ina zargin akwai wanda ke takura wa shafin da gangan. Kwamfutar da fayil ɗin yake kanta ƙarama ce ƙwarai, kuma da na gwada ƙirga kowane adireshi da `Counter` sai memori ya cika, aikin ya mutu a hanya. Shi ya sa na koma ga dabarar jefa ƙuri'a ta Boyer da Moore, wadda ba ta riƙe komai sai ɗan takara ɗaya da lamba ɗaya. Ga abin da na rubuta:

```python
dan_takara, kirga, n = None, 0, 0
for layi in f:
    x = layi.strip()
    n += 1
    if kirga == 0:
        dan_takara, kirga = x, 1
    elif x == dan_takara:
        kirga += 1
    else:
        kirga -= 1
```

Ya gama ba tare da wata matsala ba, ya ba ni adireshi ɗaya, `kirga` kuma ya tsaya a kan 2. Saura kaɗan in toshe adireshin, sai zuciyata ta ce in fara duba shi da `grep -c`, sai na tarar sau 11 kacal ya fito a fayil ɗin gaba ɗaya. Shin kuskuren a rubutuna yake, ko kuwa dabarar ce ba a fahimce ta daidai ba?

Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ni a ganina akwai kuskure a rubutunka, domin wannan dabarar an yi ta ne don ta fito da abin da ya fi kowane yawa a jeri, kuma ba ya yiwuwa a ce adireshin da ya fi yawa a cikin layuka miliyan 38 sau 11 kawai ya fito. Ka duba wurin da `kirga` ke komawa sifili. Ina jin kamata ya yi ka canza ɗan takara nan take a wannan layin da ya jawo sifilin, ba sai layi na gaba ba.

Malama Zainab:
Malam Aminu, rubutunka daidai yake, kada ka taɓa shi. Malam Nasiru, a nan ne ake yawan samun ruɗani, domin dabarar ba ta yi alkawarin fito da abin da ya fi kowane yawa ba. Alkawarinta ya fi haka ƙunci: idan akwai abin da ya haura rabin jerin, to shi za ta bari a hannu a ƙarshe. Idan kuwa babu, za ta bar wani abu dai a hannu, kuma wannan abin ba shi da wata daraja ta musamman, yana iya zama na ƙarshe a jerin kawai.

Hanyar da na fi ganin tana bayyana dalilin ita ce a daina kallon `kirga` a matsayin ƙidaya, a kalle shi a matsayin ƙuri'un da ba a kashe ba tukuna. Duk lokacin da aka rage ɗaya daga `kirga`, abin da ya faru a zahiri shi ne an ɗauki abubuwa biyu mabambanta, wato sabon da ya shigo da kuma ɗaya daga cikin kwafin ɗan takara da ke jira, an haɗa su an fitar da su daga fili tare. To a kowane irin wannan haɗi, mai rinjaye ba zai rasa fiye da ƙuri'a ɗaya ba, tunda biyun ba iri ɗaya ba ne. Idan ya haura rabi, babu isassun abokan hamayya da za su kashe duk ƙuri'unsa ɗaya bayan ɗaya, don haka dole wani abu nasa ya saura, kuma abin da ya saura a hannu kullum kwafin ɗan takara ne.

Ku ɗauki wannan jerin mai lamba tara: 7, 7, 3, 3, 3, 7, 7, 5, 7. Lambobi biyun farko sun sa 7 ya zama ɗan takara da ƙuri'a biyu, sai 3 biyu suka zo suka kashe su, `kirga` ya koma sifili. Sai 3 na uku ya hau kujerar da ƙuri'a ɗaya, 7 ya zo ya kashe ta. Sai wani 7 ya hau, 5 ya kashe shi, sannan 7 na ƙarshe ya hau ya zauna. An ƙare da 7 da `kirga` 1, kuma amsar gaskiya ce, domin 7 ya fito sau biyar cikin tara.

Yanzu ku gwada wannan: 2, 4, 3, 3, 5, 6, 8, 9, 7. A nan 4 ya kashe 2, sai 3 ya tara ƙuri'a biyu, 5 da 6 suka cinye su, 9 ya kashe 8, sai 7 ya zo a ƙarshe ya tarar da kujera babu kowa. An ƙare da 7 da `kirga` 1, daidai da ƙarshen jerin farko babu bambanci ko kaɗan, alhali a nan 7 sau ɗaya ya fito, kuma 3 da ya fi shi yawa ya ɓace. Abin da ya same ka ke nan, Malam Aminu. Zagayen farko ɗan takara kawai yake fitarwa, kuma sai an koma an bi jerin karo na biyu an ƙirga shi kafin a ce ya ci.

Aminu:
Na gode ƙwarai, Malama. Misalin biyu ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai. Na ƙara zagaye na biyu a ƙarƙashin na farko kamar haka:

```python
adadi = sum(1 for layi in f if layi.strip() == dan_takara)
print(adadi > n // 2)
```

Ya ce `False`, wanda ya dace da abin da `grep` ya nuna mini, sai na yi murna. Amma don in tabbatar, na ƙirƙiri ƙaramin fayil mai layi goma, na rubuta adireshi ɗaya sau takwas a ciki, shi ma sai ya ce `False`. Yanzu kuma ban san abin da zan yarda da shi ba.

Kabiru:
Ka canza `>` zuwa `>=` ka gani. Rabawa da `//` tana zubar da saura, kuma sau da yawa a irin wannan iyakar ne ake samun kuskure.

Malam Garba:
A'a, Kabiru, wannan gyaran zai ƙara ɓarna ne. Takwas cikin goma ba ya kusa da iyaka ma, balle a ɗora wa alamar laifi. Sannan idan aka sa `>=`, jeri mai abu goma da wani ya fito sau biyar zai ci, alhali biyar rabi ne cif, bai haura rabi ba, kuma abubuwa biyu daban suna iya riƙe rabi-rabi a lokaci guda. Idan jerin tara ne, abin ya fi muni, domin `9 // 2` huɗu ne, sai huɗu cikin tara ya zama rinjaye. Alamar da Aminu ya sa daidai take. Ni dai nakan rubuta `2 * adadi > n` don kada mai karantawa ya tsaya yana lissafin saura.

Aminu, ka buga `adadi` kansa a allo, ina da yaƙinin za ka ga sifili. Zagayen farko ya karanta fayil ɗin har ƙarshe, kuma `f` yana tsaye a can ƙarshen. Da ka sake cewa `for layi in f`, babu sauran layin da zai ba ka, kuma Python ba zai yi ƙorafi ba, kawai zai wuce kamar fayil ɗin fanko ne. Maganin shi ne ka sa `f.seek(0)` kafin zagaye na biyu, ko ka sake buɗe fayil ɗin. Akwai alamar da za ta riƙa tona wannan kuskuren nan gaba: ɗan takara daga cikin jerin aka ɗauko shi, don haka ba ya yiwuwa ƙirgensa ya zama sifili, kai ba ya yiwuwa ma ya gaza `kirga` da zagayen farko ya bari. Ka sa `assert adadi >= kirga`, duk ranar da ya fashe ka san zagaye na biyu bai ga bayanan da na farko ya gani ba.

Wani abu kuma, tunda fayil ne da ake ci gaba da rubutawa a cikinsa: kafin ka gama zagayen farko, sababbin layuka sun shigo. Idan zagaye na biyu ya karanta har da su, kana kwatanta adadin da aka ƙirga a babban fayil da `n` na ƙarami. Ka tsayar da zagaye na biyu a layi na `n`.

```python
from itertools import islice

f.seek(0)
adadi = sum(1 for layi in islice(f, n) if layi.strip() == dan_takara)
assert adadi >= kirga
print(2 * adadi > n)
```

Aminu:
Haka ne, Malam Garba, sifili na gani. Ashe `False` ɗin da na yi murna da shi da farko dace ne kawai, ba aikin tantancewa ba. Bayan gyaran, ƙaramin fayil ya ba da 8 da `True`, babban kuma ya ba da 11 da `False`.

Kabiru:
Na karɓi gyaran a kan alamar. Amma har yanzu ina ganin zagaye na biyu ɓata lokaci ne a irin yanayin Aminu. Mutum ya bi layuka miliyan 38, ɗan takara ya ƙare da ƙuri'a biyu tak. Wannan ai ya isa ya nuna babu mai rinjaye. Da akwai shi, da `kirga` ya ƙare da babbar lamba, domin `kirga` shi ne tazarar da ke tsakanin ɗan takara da sauran.

Malama Zainab:
Malam Kabiru, akwai gaskiya a maganarka fiye da yadda wasu za su zata, amma sai an daidaita ta a wuri biyu. Na farko, `kirga` ba tazarar ɗan takara da sauran ba ne. A jerina na biyu an ƙare da 1, alhali 7 yana da ƙuri'a ɗaya sauran kuma suna da takwas. Dalili shi ne abokan hamayya su ma suna kashe junansu, kamar yadda 4 ya kashe 2, kuma wannan ba ya barin wata alama a `kirga`.

Ga abin da `kirga` ke faɗa da gaske, kuma daga wancan bayanin na haɗa biyu-biyu yake fitowa. A ƙarshen zagayen farko, abubuwa `kirga` suna hannu, dukkansu kwafin ɗan takara ne. Sauran, wato `n - kirga`, an haɗa su biyu-biyu, kowane haɗi da abubuwa mabambanta, don haka yawan haɗin shi ne `(n - kirga) / 2`. Ɗan takara yana iya kasancewa bai shiga ko haɗi ɗaya ba, yana kuma iya kasancewa ya shiga kowane ɗaya. Saboda haka ainihin adadinsa yana tsakanin `kirga` a ƙasa da `(n + kirga) / 2` a sama. Da `n` tara da `kirga` ɗaya, tsakanin 1 da 5 ke nan, kuma da gangan na zaɓi jeri biyun nan don ɗaya ya zauna a wannan gefe, ɗayan a wancan.

Daga nan ana samun wurare biyu da zagaye na biyu ba ya da amfani. Idan `kirga` ya ƙare a sifili, an haɗa jerin gaba ɗaya biyu-biyu, babu wanda zai wuce rabi, don haka babu mai rinjaye, tabbas. Idan kuma `kirga` shi kaɗai ya haura rabin `n`, ɗan takara ya riga ya ci ko ba a duba haɗe-haɗen ba. Duk abin da ke tsakanin waɗannan biyun, zagayen farko bai yanke hukunci ba. Kada kuma a dogara da batun sifilin sosai, domin `kirga` yana hawa ko sauka da ɗaya a kowane mataki, don haka idan `n` mara ne ba zai taɓa ƙarewa a sifili ba, ko da kowane abu a jerin daban yake.

Inda maganarka ta yi ƙarfi shi ne a lambobin Aminu. Rabin 38,412,906 shi ne 19,206,453, iyakar sama kuma da `kirga` 2 ita ce 19,206,454. Wato ɗan takaran zai zama mai rinjaye ne kawai idan ya shiga kowane haɗi da aka yi a fayil ɗin ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, kuma ko da hakan ta faru, da ƙuri'a ɗaya tak zai haura rabi. Da wani adireshi yana da kashi 60 cikin ɗari, da `kirga` bai gaza kashi 20 cikin ɗari na `n` ba. To idan tambayar ita ce ko akwai wanda ya mamaye fayil ɗin da tazara mai yawa, zagayen farko ya amsa. Idan kuwa tambayar ita ce ko akwai wanda ya haura rabi, ko da da ƙuri'a ɗaya, ƙaramin `kirga` ba hujja ba ne, kuma jerina na farko shaida ne.

Kabiru:
To ai mun yi kusa da juna, Malama. A aikace ni dai ba zan sake karanta fayil mai wannan girman ba don in kore yiwuwar da ba ta faruwa sai a misalin allo.

Malam Garba:
Tana faruwa a wajen allo ma. Idan na'urori biyu ko uku suna aiko da saƙo bi da bi, ɗaya na aikowa bayan kowane saƙon sauran, jerin da za ka samu shi ne irin wanda ƙuri'u ke kashe juna a kowane mataki, `kirga` yana yawo tsakanin sifili da ɗaya har ƙarshe. Sannan zagaye na biyu bai fi na farko tsada ba, kwatance ɗaya ne a kowane layi. Wanda ya iya jiran zagaye ɗaya zai iya jiran biyu. Ni ban ga abin da ake tsimi ba.

Hauwa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa matsalar, domin a wurina zagaye na biyu ba batun tsimi ba ne, ba ya yiwuwa ne gaba ɗaya. Ina aiki da ƙaramar na'ura da ke karɓar awon zafi daga ma'auni a kai a kai, kuma ba ta da wurin ajiye awon da ya wuce, kowane ɗaya ya zo ya wuce shi ke nan. Tambayata ita ce, ba za a iya ƙara lamba ta uku ba, wadda za ta riƙa ƙirga sau nawa ɗan takara ya fito tun daga zagayen farko, ta yadda tantancewar za ta tafi tare da zaɓen? Ko da za a ƙara lamba goma ne, har yanzu wurin ajiyar bai dogara da tsawon jerin ba.

Malama Zainab:
Malama Hauwa, kusan duk wanda ya fahimci dabarar sai ya yi wannan tunanin, kuma abin takaici ba ya aiki. Lamba ta ukun za ta ƙirga ɗan takara ne daga lokacin da ya hau kujera, amma fitowar da ya yi a baya, lokacin da yake cikin masu hamayya, ta riga ta wuce ba a rubuta ta ba. Kuma matsalar ba ta wannan dabarar kaɗai ba ce, babu wata dabara da za ta iya, ga kuma dalili.

A ce rabin farko na jerin shi ne 4, 9, 2, 6, rabi na biyu kuma lamba ɗaya ce aka maimaita sau huɗu. Idan lambar 9 ce, ta fito sau biyar cikin takwas, ta yi rinjaye. Idan 5 ce, sau huɗu cikin takwas, ba ta yi ba. Amsar gaba ɗaya ta rataya ne a kan ko lambar da aka maimaita tana cikin huɗun farko. A lokacin da na'urarki ta gama karanta rabin farko, ba ta san wace lamba ce ke tafe ba, don haka domin ta amsa daidai kowace ce ta zo, dole ta tuna duk lambobin da ta gani. Ki mayar da huɗun nan miliyan ɗaya na lambobi mabambanta, sai ki ga abin da za ta tuna yana girma tare da jerin. Lamba goma ba za ta isa ba, dubu ma ba za ta isa ba. Idan kika bi misalin da dabarar jefa ƙuri'a, a duka biyun za ki ƙare da `kirga` 4 a `n` 8, wato daidai inda ba a yanke hukunci ba.

Abin da zan ba ki shawara shi ne na'urar ta riƙa ba da amsa iri uku maimakon biyu: tabbas akwai idan `2 * kirga > n`, tabbas babu idan `kirga` sifili ne, sauran kuma ta ce ga ɗan takara amma ba a tantance ba, tare da iyakokin nan biyu. Sai dai ki lura, hujjar da na kawo tana buƙatar lambobin da za su iya fitowa su kasance masu yawa ƙwarai. Idan awon naki bai wuce iri ɗari ko ɗari biyu ba, ki ware wa kowane iri ƙidayarsa kawai, ki samu cikakkiyar amsa a zagaye ɗaya, ki manta da jefa ƙuri'a.

Hauwa:
Awon yana zuwa da ɗigo ne, kuma da wuya biyu su zo daidai da juna. Abin da na yi shi ne, maimakon `x == dan_takara`, na rubuta `abs(x - dan_takara) <= 1`, don a ɗauki na kusa da juna a matsayin abu ɗaya. Wannan zai shafi abin da kika bayyana?

Malam Garba:
Zai rushe shi ma. Hujjar tana tsaye ne a kan cewa duk ƙuri'un da ke hannu abu ɗaya ne, ta yadda wanda ya saɓa wa ɗan takara ya saɓa wa kowace ƙuri'a da ke ƙarƙashinsa. Kusanci ba ya da wannan halin, domin 11 yana kusa da 10, 12 yana kusa da 11, amma 12 ba ya kusa da 10. Ki gwada 10, 11, 11, 12, 12, 12 da sharaɗinki. Ɗan takara 10 ne, 11 biyu suka mara masa baya `kirga` ya kai uku, sai 12 uku suka zo suka kashe su duka. An ƙare a sifili, wanda ke nufin tabbas babu, alhali duka shidan suna cikin tazarar ɗaya daga 11. Ki fara raba awon gida-gida da ƙa'ida tsayayya, misali ki mayar da kowane zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, sannan ki kwatanta gidajen da `==`. Idan kika yi haka kuma, gidajen ba za su yi yawa ba, sai ki faɗa cikin shawarar da Malama Zainab ta rufe da ita.

Hauwa:
Na fahimta, amma raba gidan ma yana da nasa lahanin, domin idan ainihin zafin yana daidai kan iyakar gida biyu, awon zai rabu rabi nan rabi can, babu gidan da zai yi rinjaye duk da cewa ma'aunin abu ɗaya yake faɗa. Ina ganin watakila abin da nake buƙata ba mai rinjaye ba ne tun farko, awon tsakiya ne. Zan sake tunani.

Nasiru:
Ni ma maganar tsakiyar ce ta dawo da ni. Na yarda na ruɗa mai rinjaye da wanda ya fi yawa. Amma me zai hana Malam Aminu ya jera fayil ɗin daga ƙarami zuwa babba, ya ɗauki layin tsakiya? Duk abin da ya haura rabi dole ya ratsa tsakiya idan an jera.

Malama Zainab:
Gaskiya ne zai ratsa tsakiya, amma kowane jeri yana da tsakiya ko da babu mai rinjaye, don haka nan ma ɗan takara kawai aka samu, sai an ƙirga shi. Ga shi jerawar ta fi zagaye biyu tsada nesa ba kusa ba, tana kuma buƙatar ko dai a sauya fayil ɗin ko a yi masa kwafi. Abin da ya bambanta dabarar da Robert Boyer da J Strother Moore suka fitar a farkon shekarun 1980 shi ne ba ta tambayar wanne ya fi girma, tambayarta ɗaya ce, waɗannan biyun daidai suke ko a'a. Idan za a matsa wa kalmar tsayayyen wurin ajiya, `kirga` kansa yana ɗan girma da tsawon jerin, amma bit 26 sun ishi fayil ɗin Malam Aminu, bit 64 kuma sun ishi duk fayil ɗin da wani a cikinmu zai taɓa buɗewa.

Malam Aminu, ni abin da ke raina game da aikinka daban ne. Adireshin da ke aiko da kashi 30 cikin ɗari na buƙatu ya isa ya wahalar da shafi, kuma wannan dabarar ba za ta gan shi ba sai da sa'a. Jayadev Misra da David Gries sun faɗaɗa ta a 1982: idan kana neman duk abin da ya haura `n / k`, sai ka riƙe 'yan takara `k - 1`, kowa da ƙidayarsa, kuma idan baƙo ya zo babu kujera, a rage wa kowa ɗaya a zubar da baƙon. Da kujeru tara za ka kama duk wanda ya haura kashi goma cikin ɗari. Zagaye na biyu yana nan yadda yake, domin cikin taran da za su saura wasu 'yan rakiya ne kawai.

Aminu:
Na gwada da kujeru tara, sannan na ƙirga su a zagaye na biyu da `seek(0)` da `islice` kamar yadda Malam Garba ya nuna. Biyu ne suka tsallake iyakar, ɗaya da kimanin kashi 23 cikin ɗari, ɗayan da kimanin kashi 14, sauran kuma babu wanda ya kai ko kashi ɗaya. Wanda na kusa toshewa da farko bai ma fito cikin taran ba.

Kabiru:
Kafin ka yi zagaye na biyun, ƙidayar waɗannan biyun ai ta riga ta yi wa sauran nisa, ko ba haka ba? Ina son in ga lambobin zagayen farko kaɗai, domin ina zargin sun isa a gane su.

Malam Garba:
Mai kashi 23 watakila ka gane shi da ido. Mai kashi 14 kuwa, ƙidayarsa ta zagayen farko tana iya gaza ainihin adadinsa da har kashi goma cikin ɗari na `n`, don haka abin da ke hannunsa yana iya zama kashi huɗu kacal, kuma daga huɗu ba za ka iya cewa ya haura goma ba. Aminu, ka liƙo lambobin mu gani, ka haɗa da na sauran bakwan.